Wa Zai Ɗauki Asarar Ɓoyayyen Aibi a Motar Hannu?

Motar hannu takan zo da tarihin da mai sayenta bai sani ba. Ko 'yar Kwatano ce da aka shigo da ita daga Turai ko Amurka, ko wadda ta sha hanya a gida, wani ya riga ya more ta, kuma shi ya san inda take ciwo. Saboda haka masu sayarwa suka saba kare kansu da sharaɗi guda. A baki sukan ce wa mai saye ya kawo makanikensa ya duba, domin in an biya kuɗi ba a dawowa. A rasit kuma sukan rubuta cewa an sayar da motar a yadda aka gan ta. Da yawa daga masu saye sun ɗauka cewa da zarar sun sa hannu a ƙarƙashin wannan magana haƙƙinsu ya ƙare, masu sayarwa da yawa ma haka suka yi imani. Dokar Nijeriya da fiƙihun Malikiyya duka ba su ba sharaɗin irin wannan ƙarfi ba.

Aibin mota iri uku ne ta fuskar shari'a, kuma hukuncin kowanne daban. Akwai na fili, kamar fasasshen gilashi, suɗaɗɗiyar taya, tsatsa a ƙofa ko kujerar da ta yage. Wanda ya duba mota da rana tsaka ya biya, ba shi da bakin magana a kan waɗannan, ko an rubuta sharaɗi ko ba a rubuta ba. Akwai ɓoyayyen aibin da shi kansa mai sayarwa bai san da shi ba, kamar giyar da ta fara cinyewa daga ciki ba ta nuna alama ba tukuna. Sai na uku, aibin da mai sayarwa ya sani sarai, ya yi dabara ya rufe shi ko ya yi ƙarya a kansa. A kan na biyu ne kaɗai sharaɗin yake da abin cewa, shi ma ba a kowane ciniki ba. Na uku kuwa babu rubutun da ke wanke mai shi.

Dokar cinikin kaya da kotunan Nijeriya suka gada ita ce ta Ingila ta shekarar 1893, wadda ta shigo ƙasar cikin dokokin da ke aiki a Ingila a ranar 1 ga Janairun 1900. Jihohi da dama sun yi tasu daga baya, amma kusan a kan tsarinta suka gina. Tushen dokar shi ne mai saye ya buɗe idonsa, domin mai sayarwa bai ɗauki alkawarin ingancin kaya ba sai a wuraren da aka togace. Sashe na 12 ya ɗora masa tabbatar da cewa yana da ikon sayar da abin. Sashe na 13 ya ce dole kayan su dace da siffar da aka sayar da su da ita, ta yadda motar da aka ce ƙirar 2012 ce ba za ta zama ta 2008 da aka sauya wa fitilu da bamba ba. Sashe na 14 kuma ya ce wanda sana'arsa ce sayar da irin kayan, dole abin da ya sayar ya kai matsayin da za a iya ciniki da shi, ban da aibin da dubawar mai saye ya kamata ta gano in ya duba. Sai dai sashe na 55 ya bar ƙofa a buɗe, domin ya yarda ɓangarorin biyu su cire waɗannan haƙƙoƙi da yarjejeniya. Ta wannan ƙofa sharaɗin sayarwa a yadda aka gani ya sami wurin zama.

Tun kafin a yi mota kotunan Ingila suka shata masa iyaka. A shari'ar Schneider da Heath ta shekarar 1813, an sayar da jirgin ruwa bisa sharaɗin a ɗauke shi da duk aibinsa. Daga baya ta bayyana cewa tsutsa ta cinye gindinsa, kuma an sauke shi daga inda yake a tudu an mayar da shi ruwa da gangan don kada masu dubawa su ga ƙasansa. Kotu ta ba mai saye gaskiya. Dalilin a fili yake: wanda ya ce a duba, sannan ya toshe hanyar dubawar, ba zai fake da cewa an duba ba. A shari'ar Ward da Hobbs ta 1878 kuwa, inda aka sayar da aladu masu cuta bisa irin wannan sharaɗi, mai sayarwa ya tsira, domin shiru kawai ya yi, bai yi ƙarya ba kuma bai aikata wani abu na ɓoyewa ba. Wannan hukunci yana da ɗaci, amma ya nuna inda tsohuwar doka ta ja layi. Shiru yana iya tsirar da mai sayarwa na ƙashin kansa, ƙarya da rufa-rufa ba sa tsirar da kowa.

Ko babu sharaɗin ma, doka ba ta auna tsohuwar mota da mudun sabuwa. Shari'u biyu na motar Jaguar sun fayyace wannan. A ta Bartlett da Sidney Marcus, a 1965, dillalin ya gaya wa mai saye cewa kulocin yana bukatar ɗan gyara, ya rage masa fam 25 daga kuɗin. Da aka buɗe bayan wasu makonni, gyaran ya fi yadda aka zata tsada. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce mai sayen motar hannu ya kamata ya san aibi zai fito ko ba jima ko ba daɗe, kuma motar tana tafiya lafiya a ranar da aka sayar, don haka babu abin da zai karɓa. A ta Crowther da Shannon Motor, a 1975, motar ta riga ta yi mil fiye da 82,000, an saye ta fam 390, injin ya buga cikin mako uku bayan tafiyar mil fiye da 2,000. Tsohon mai motar ya ba da shaida cewa injin ya riga ya ƙare tun lokacin da ya sayar wa dillalan. Kotu ta ɗora musu asarar. Gyaran kuloci abu ne da ake tsammani ga tsohuwar mota, amma injin da yake bakin mutuwa ranar ciniki ya sa motar ba ta dace da aikin da aka saye ta dominsa ba.

Babban sauyi a Nijeriya ya zo da dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa hukumar FCCPC. Dokar ta ba mai saye haƙƙin samun kaya masu inganci, masu aiki, marasa aibi, ta kuma ba shi wata uku daga ranar da ya karɓa ya mayar da su ga wanda ya sayar in sun gaza, a gyara masa, ko a sauya, ko a mayar masa da kuɗinsa. Ta kuma haramta wa ɗan kasuwa sa sharaɗin da zai raba mai saye da haƙƙin mayar da kaya masu aibi. Wannan ya raunana rubutun rasit ƙwarai a hannun mai gidan sayar da motoci. Amma dokar ta shafi mai sana'a ne. Ma'aikacin da ya sayar da motar hawansa ga maƙwabcinsa bai shiga ƙarƙashin wannan nauyi ba, a kansa tsohuwar ƙa'ida ce ke aiki, wato ana kama shi ne da ƙarya, da ɓoyewa, da saɓa siffar da ya faɗa, da kuma sayar da abin da ba nasa ba. Shi ya sa wasu masu gidajen mota kan ce motar ta wani ce, su dillalai ne kawai masu cin la'ada. Sunan da ke kan rasit da asusun da kuɗi suka shiga su ne suke warware wannan gardama.

A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na jihohin Arewa suke hukunci da shi, matsayin mai saye ya fi haka ƙarfi. Wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, ya kuma fayyace shi, domin cewa a dunƙule kayan duk aibi ne ba ta wadatarwa. Shirun da ya tsirar da mai aladu a Ingila a nan ha'inci ne. Asalin hukuncin yana cikin hadisai sanannu, ciki har da na dabbar da ake ƙin tatsa kwanaki don hantsarta ta cika ta ruɗi mai saye, inda aka ba shi zaɓin mayar da ita tare da sa'i ɗaya na dabino a madadin nonon da ya tatsa. Sharaɗin kuɓuta daga aibi kuwa malamai sun san shi tun da, suna kiransa cinikin bara'a. Muwaɗɗa ta kawo labarin Abdullahi ɗan Umar, wanda ya sayar da bawa dirhami 800 bisa wannan sharaɗi. Da mai saye ya kai ƙara kan wata cuta, Halifa Usman ɗan Affan ya nemi Abdullahi ya rantse cewa bai san da ita ba lokacin ciniki. Ya ƙi rantsuwa, ya karɓi bawansa. A mashahurin zancen mazhabar, sharaɗin bara'a ba ya amfani a sauran kayayyaki, ko da mai sayarwa bai san aibin ba, in aka cire wasu wurare kaɗan kamar abin da alƙali ya sayar. Hanafawa su ne suka yarda da shi a faɗaɗe. Don haka a gaban alƙalin Malikiyya, rubutun da ke kan rasit bai hana mayar da mota saboda tsohon aibin da ke rage mata daraja ba, matuƙar an tabbatar yana nan kafin ciniki kuma mai saye bai gan shi ba.

A Jamhuriyar Nijar, inda dokar farar hula ta samo asali daga ta Faransa, sashe na 1641 ya ɗora wa mai sayarwa lamunin ɓoyayyen aibi, na 1643 kuma ya ba shi damar cire kansa da sharaɗi a kan abin da bai sani ba kawai.

Misali zai nuna yadda waɗannan ƙa'idoji suke aiki a zahiri. A ɗauka wani malamin makaranta ya sayi Toyota Corolla a wani gidan sayar da motoci kan naira miliyan 6. Ya je da makanikensa, an tayar da injin, an zaga unguwa na minti goma, komai lafiya. Rasit ya ce an sayar a yadda aka gani. A rana ta tara, a kan babbar hanya, allurar zafi ta haura, farin hayaƙi ya turnuƙe daga salansa, ruwan lagireto ya ƙafe. Da aka buɗe murfin baƙin mai sai aka ga ya koma ruwan madara, alamar ruwa ya haɗu da mai. Gasket ɗin kan injin ya ƙone.

Ƙonewar gasket ita kaɗai ba ta ɗora wa mai sayarwa komai. Zai ce malamin ne ya tuƙa motar babu ruwa, kuma hakan yana faruwa kullum. Nauyin hujja yana kan mai saye, ya nuna cewa aibin ya girmi cinikin. A nan aikin makanike mai lura yake da daraja. Idan aka sauke kan injin aka tarar da daskararren maganin toshe yoyo a cikin lagireto da hanyoyin ruwa, wani ya san akwai yoyo kafin ranar. Idan kusoshin kan injin suna da sabon tabon sifana, ko an shafa gam a gefen gasket, an taɓa buɗe wurin kwanan nan. Fulogi ɗaya da ya fita fes kamar an wanke shi alhali sauran sun yi baƙi yana nuna ruwa ya daɗe yana shiga wannan silinda, kuma tsatsar da ta ci bakin silindar ba ta kwana tara ba ce. Akwai kuma fitilar `CHECK ENGINE`, wadda dole ta kama idan an murɗa makulli kafin a tayar da injin, sannan ta mutu. Wadda ba ta kamawa sam, mai yiwuwa an cire ƙwanta ko an liƙe ta. Na'urar binciken kwamfutar mota ma takan nuna cewa an goge bayanan matsala kwanan nan, domin gwaje-gwajen da motar ke yi wa kanta sukan koma matsayin ba su kammala ba har sai an yi tafiya mai ɗan nisa.

Wata alamar kuma ba ta kai hujja ba. Cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye abu ne da makanikai da yawa suke yi wa kusan kowace motar da ta shigo ƙasar, da zaton yana rage zafi, don haka ganinsa kaɗai bai tabbatar da mugun nufi ba. Yana ƙara nauyi ne idan ya haɗu da sauran.

Idan waɗannan alamu suka tabbata, sai a dubi wanda ya yi aikin. In an nuna cewa a gidan motar aka zuba maganin, ko yaran gidan sun san motar tana shan ruwa suna ƙara mata kowace safiya, to ha'inci ne, malamin yana da ikon warware cinikin ya karɓi miliyan 6 ɗinsa, da asarar da ta biyo baya kamar kuɗin janwe. In kuwa tsohon mai ita a ƙasar waje ne ya yi, gidan motar bai sani ba, ha'inci ya faɗi, amma dokar 2018 tana nan, tunda mai sana'a ne ya sayar kuma wata uku ba su cika ba. Da a ce daga hannun maƙwabci ya saya, wanda shi ma bai sani ba kuma bai yi alkawarin komai ba, to a kotun da ke bin dokar 1893 asarar ta malamin ce. A kotun shari'ar Musulunci kuwa har a wannan hali yana da magana.

Fiƙihu yana da hanyar lissafi mai kyau ga inda mayarwa ba ta yiwu ba, ko inda wani sabon aibi ya sami motar a hannun mai saye ya zaɓi ya riƙe ta. Ana kiran abin da ake biya arashi. Masana kasuwar mota su kimanta ta a ranar ciniki sau biyu, da lafiyarta da kuma aibinta. In suka ce da lafiya ta kai miliyan 6 da dubu 400, da aibi kuma miliyan 5 da dubu 600, bambancin dubu 800 ne, wato kashi ɗaya cikin takwas na darajarta. Wannan kason ake cirewa daga kuɗin da aka biya, ɗaya bisa takwas na miliyan 6, wato naira dubu 750. Hikimar ita ce rangwamen da mai saye ya samu a ciniki, ko tsadar da ya yarda da ita, kowanne ya zauna yadda yake. Idan aka mayar da motar, ba a neman mai saye ya biya kuɗin hawan da ya yi kafin ya gano aibin, domin a lokacin da ta salwanta shi zai yi asara. Idan kuma aibin da aka ɓoye da gangan shi ne ya halaka ta, mai sayarwa zai mayar da kuɗin duka.

Yawancin masu gaskiya a irin wannan rigima jinkiri ne yake kayar da su. A dokar 1893, wanda ya riƙe kaya fiye da lokacin da hankali zai ɗauka ba tare da ya sanar cewa ya ƙi su ba, ko ya yi musu abin da mai kaya kaɗai ke yi, ana ɗaukarsa ya karɓa, sai dai ya nemi diyya. Malikawa ma suna ɗaukar ci gaba da hawa bayan ganin aibi, ko sa abin a kasuwa, ko yin shiru na kwanaki babu uzuri, a matsayin yarda, ko da yake sun yi rangwame ga matafiyin da ba shi da yadda zai yi sai ya ƙarasa gida. Malamin da ya ce bari ya lallaɓa ta zuwa ƙarshen wata, ko ya sa aka sauke injin aka zubar da tsohon gasket da ruwan lagireto kafin mai sayarwa ya gani, ya rushe hujjarsa da hannunsa. Abin da ya dace shi ne a ajiye motar a ranar, a sanar da mai sayarwa a rubuce ko da ta saƙon waya ne, a gayyace shi ya turo nasa makaniken a buɗe injin a gaban kowa, a ɗauki hotuna, a adana duk abin da aka cire.

Maganar baki ita ma tana da nauyi idan an iya tabbatar da ita. A shari'ar Dick Bentley ta 1965, dillali ya ce motar ta yi mil 20,000 kacal tun da aka sauya mata inji da giya, abin ya zama ba haka ba, kotu ta ɗauki maganarsa a matsayin alkawari saboda shi ne yake da halin sanin gaskiya. Kalmomin da ake ji kullum a bakin masu mota, cewa ba a taɓa buɗe injin ba, ba ta taɓa haɗari ba, fentin kamfani ne, duk irin wannan ne. Mai saye da ya sa aka rubuta su a rasit, tare da lambar shasi mai harafi da lamba 17 da adadin da mita ta nuna, ya sami abin riƙewa. Mai sayarwa mai gaskiya shi ma rubutu ne kariyarsa, domin aibin da ya ambata da sunansa, kamar giya tana fizga ko injin yana shan mai, ba za a dawo masa da mota a kansa ba a kowace kotu.

Motar sata da motar da takardun kwastan ɗinta na jabu ne matsalarsu ta wuce aibin inji, kuma sharaɗin gani bai taɓa su ba, tunda babu duban da zai nuna su a jikin mota. A shari'ar Rowland da Divall ta 1923 an karɓe motar da ta zama ta sata bayan an yi watanni ana amfani da ita, kotu ta sa aka mayar wa mai saye kuɗinsa cif.

Hanyar neman haƙƙi takan fara daga shugabannin ƙungiyar masu sayar da motoci na wurin, waɗanda sulhunsu ya fi sauri da araha. In ya gagara, akwai hukumar FCCPC ga wanda ya saya a hannun mai sana'a, akwai kotunan ƙananan da'awa a jihohin da suka kafa su, da babbar kotu, da kotun shari'ar Musulunci. Ofishin 'yan sanda wurin ƙarar zamba ne idan akwai hujjar yaudara da gangan. Saɓanin ciniki zalla ba hurumin su ba ne, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai.